Mayar da Kwanan Watan Hijira Zuwa Na Miladiyya, da Dalilin Saɓanin Kwana Ɗaya

Yau lissafi za mu yi, don haka wanda yake da biro da takarda a kusa ya jawo su. Wanda kuma hannunsa yake kan aiki ya ba ni kunnensa kawai, zan riƙa maimaita alƙaluman da suka fi muhimmanci.

A gidaje da yawa na ƙasar nan, idan aka yi haihuwa, mahaifi ko malamin gida yakan rubuta ranar a bangon wani littafi, ko a wata 'yar takarda da za a adana cikin gafaka. Da kwanan watan Musulunci ake rubutawa. Shekaru su shuɗe, yaro ya girma, ya je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa, a tambaye shi ranar haihuwa da kalandar Miladiyya. Sai ya sa kwanan a waya ta ba shi amsa, ya sa a wata wayar ta ba shi wata amsar da ta saɓa da kwana ɗaya, sai hankalinsa ya tashi, yana zaton ɗaya daga ciki ta lalace. Galibi babu wadda ta lalace. Saɓanin yana da dalilai sanannu, kuma akwai hanyar raba gardama. Amma kafin mu kai can, bari mu koyi lissafin da hannunmu, domin wanda ya taɓa yin sa sau ɗaya shi ne zai gane ta inda kwana ɗayan yake shigowa.

Mu fara da tsawon wata. Daga haihuwar wata zuwa haihuwar na gaba, a matsakaicin lissafi, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Ba a iya yin wata mai rabin kwana, shi ya sa wani watan yake cika 30, wani kuma ya yi nuƙusani ya tsaya a 29. Wata goma sha biyu, shida masu 30 da shida masu 29, sun ba mu kwana 354. Ita kuwa shekarar Miladiyya, wadda take bin rana, kwana 365 ce, ko 366 a shekarar da Fabrairu ya kai 29. Tazarar kusan kwana 11 ce duk shekara, kuma ita ce take sa azumi ya riƙa zagayawa daga bazara zuwa hunturu zuwa damina. Idan ta taru, shekara 33 ta Hijira takan yi daidai da shekara 32 ta Miladiyya, ko kusa da haka.

Daga nan aka samo hanyar gano shekara cikin sauri. Ka raba shekarar Hijira da 33, ka cire abin da ka samu daga shekarar, sannan ka ƙara 622, wato shekarar Miladiyya da ƙidayar Hijira ta fara a cikinta. Ɗauki 1415. Idan ka raba ta da 33 za ka samu kusan 43. Cire 43 daga 1415, saura 1372. Ƙara 622, ka samu 1994. Wannan ya isa idan shekara kawai kake nema, amma ka sani kusan kowace shekarar Hijira tana ratsa shekarun Miladiyya biyu. Ita 1415 ɗin ta fara ne a watan Yunin 1994, ta ƙare a 1995. Don haka wannan hanya unguwar kawai take nuna maka, ba ta kai ka ƙofar gidan ba.

Don a kai ga ainihin ranar, sai an ƙirga kwanaki. Masana falaki na Musulunci tun ƙarnonin baya sun tsara kalanda ta lissafi zalla saboda irin wannan aiki. A cikinta Muharram 30 ne, Safar 29, Rabi'ul Awwal 30, Rabi'us Sani 29, haka ake ta musanyawa har Zulhajji, wanda yake 29. To, ina mintuna 44 ɗin nan da muka bari a baya? Ba su ɓace ba. Minti 44 sau 12 ya zama awa 8 da minti 48 a shekara. A shekara 30 sun zama awa 264, wato kwana 11 cif. Saboda haka a kowane zagaye na shekara 30, akwai shekara 11 da ake ƙara wa Zulhajji kwana ɗaya ya zama 30, shekarar ta zama mai kwana 355. Waɗannan su ake kira kabisa. A tsarin da aka fi amfani da shi, su ne shekara ta 2, ta 5, ta 7, ta 10, ta 13, ta 16, ta 18, ta 21, ta 24, ta 26 da ta 29 a cikin zagayen. Idan kana son sanin matsayin wata shekara, raba ta da 30 ka dubi abin da ya yi saura. Shekarar 1412 idan aka raba ta da 30 saura 2, don haka kabisa ce.

Ba sai mun ƙirgo tun daga shekarar farko ta Hijira ba. Muna buƙatar turke ne kawai, wato ranar da muka san ta a kalandu biyun, kuma mafi sauƙin turke shi ne farkon zagayen shekara 30. Ga guda uku da za su ishi yawancin masu sauraro, a rubuta su. 1 ga Muharram 1381 ta yi daidai da Alhamis, 15 ga Yuni 1961. 1 ga Muharram 1411 ta yi daidai da Talata, 24 ga Yuli 1990. Sai 1 ga Muharram 1441, wadda ta yi daidai da Lahadi, 1 ga Satumba 2019. Na maimaita na tsakiyar, domin da shi za mu yi aiki: 1 ga Muharram 1411, Talata, 24 ga Yuli 1990. Duka ukun bisa kalandar lissafi ne.

Yanzu mu ƙaddara wani ya ɗauko takardar da mahaifinsa ya rubuta, aka ga an haife shi ranar 27 ga Rajab 1415. Tambayar da za mu yi ita ce, kwana nawa ne suka wuce daga turkenmu zuwa wannan rana?

Shekarun da suka cika guda huɗu ne: 1411, 1412, 1413 da 1414. Huɗu sau 354 ya ba mu 1416. A cikin huɗun nan kabisa ɗaya ce, wato 1412, sai mu ƙara kwana ɗaya, ya zama 1417. A nan akwai tarkon da ya kamata a kiyaye. Ita ma 1415 kabisa ce, domin ita ce ta biyar a zagayen, amma kwananta na ƙari yana can ƙarshen Zulhajji, mu kuwa a Rajab muka tsaya. Don haka ba za mu ƙirga shi ba.

Sai watanni. Rajab shi ne na bakwai, ke nan wata shida ne suka cika kafinsa. Kowane wata biyu a jere, mai 30 da mai 29, kwana 59 ne. Uku sau 59 ya ba mu 177. Sai kwanakin cikin Rajab ɗin kansa. Ranar 27 ga wata, kwana 26 ne suka wuce tun daga 1 ga wata, ba 27 ba. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su sa 27, amsarsu ta zarce da kwana ɗaya, alhali kuskuren daga hannunsu ne, kalanda ba ta da laifi. Mu haɗa: 1417 da 177 da 26, jimla kwana 1620.

Abin da ya rage shi ne mu taka kwana 1620 a kan kalandar Miladiyya, daga 24 ga Yuli 1990. Daga wannan rana zuwa 24 ga Yuli 1994 shekara huɗu ce, kuma a tsakiya akwai 1992 mai 29 ga Fabrairu, don haka kwana 1461 ne. Cire shi daga 1620, saura 159. Yuli ya rage kwana 7, saura 152. Agusta ya ci 31, saura 121. Satumba ya ci 30, saura 91. Oktoba ya ci 31, saura 60. Nuwamba ya ci 30, saura 30. Mun sauka a kan 30 ga Disamba 1994.

Kada a ajiye biro tukuna, akwai mataki ɗaya da nake ganin ya fi duk sauran amfani, shi ne gano ranar mako. Raba 1620 da 7, abin da zai yi saura 3 ne. Turkenmu Talata ce, ka ƙirga uku gaba: Laraba, Alhamis, Juma'a. Ke nan bisa lissafi, 27 ga Rajab 1415 ta faɗo ranar Juma'a, 30 ga Disamba 1994.

To, idan takardar baba ta ce ranar Alhamis aka haife shi fa? Ko mahaifiya ta ce ita dai ta san Asabe ta haifa? Wa ya yi kuskure? Mai yiwuwa babu kowa.

Dalili na farko, kuma mafi girma, shi ne al'umma da ganin wata take aiki, ba da wancan jadawali ba. Ranar 29 ga wata ake fita duba bayan faɗuwar rana. Idan an ga jinjirin wata, gobe 1 ga wata; idan ba a gani ba, a cika 30. Shi kuwa wata a sararin sama ba ya bin tsarin 30 da 29 a jere. Wancan adadi na kwana 29 da awa 12 da minti 44 matsakaici ne kawai. Saboda tafiyar wata takan yi sauri a wani lokaci ta yi jinkiri a wani, tsawon wata ɗaya yakan ragu ko ya ƙaru da awanni shida ko bakwai. Shi ya sa ake samun wata biyu a jere duk masu 29, ko biyu ko uku a jere duk masu 30. Jadawali ya ce Ramadan kullum 30 ne, amma duk mai azumi ya san sau nawa ya yi 29. Ga kuma hazo a lokacin hunturu da hadari a lokacin damina, waɗanda suke iya rufe watan da yake nan a sama, jama'a su cika 30. Kalandar lissafi tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da watan gaske a tsawon ɗaruruwan shekaru, amma a wata guda tana iya gaba da shi ko baya da kwana ɗaya, wani lokaci har biyu.

Dalili na biyu shi ne wuri. Haihuwar wata, wato lokacin da wata ya daidaita tsakanin duniya da rana, tana faruwa ne a lokaci guda ga duk duniya. Amma faɗuwar rana ba lokaci guda ba ce. Rana tana faɗuwa a gabas kafin yamma, don haka kafin magariba ta iso ƙasashen yamma, jinjirin ya ƙara awanni, ya ƙara nisa da rana, ganinsa ya fi sauƙi.

Ƙaramar Sallar 1444 misali ce da yawancinmu za mu iya tunawa. An haifi watan Shawwal ranar Alhamis, 20 ga Afrilu 2023, da misalin ƙarfe biyar da 'yan mintuna na asuba agogon Najeriya. Babu shakka a kan lokacin, domin a daidai nan aka yi husufin rana da aka gani a sassan Ostareliya da Indonesiya. Da rana ta faɗi a Jakarta, wata bai kai awa bakwai da haihuwa ba. Da ta faɗi a Makka yana da kimanin awa goma sha ɗaya da rabi, a Sakkwato kuma ya haura awa goma sha uku. Saudiyya ta yi salla ranar Juma'a, 21 ga Afrilu. A Najeriya ma Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da Juma'ar a matsayin 1 ga Shawwal. Gwamnatin Indonesiya da Malesiya da Pakistan suka cika azumi 30, suka yi salla ranar Asabar, 22 ga wata. Maroko ma, duk da tana yamma, Asabar ta yi, wanda yake nuna cewa bayan wuri akwai kuma ƙa'idar da kowace hukuma take bi wajen tabbatar da gani. Idan ka yi lissafin da muka koya daga turken 1441, 1 ga Shawwal 1444 za ta ba ka Asabar, 22 ga Afrilu. Ka ga ke nan, yaron da aka haifa ranar sallar nan a Kano, lissafi zai ba shi 22, alhali ranar haihuwarsa ta gaskiya 21 ce. Wanda aka haifa ranar salla a Karachi kuwa, 22 ɗin ce tasa. Kwanan wata ɗaya na Hijira, amsa biyu, kuma kowace daidai ce a garinta. Saboda haka kafin ka mayar da kwanan wata, ka tambayi inda aka rubuta shi.

Dalili na uku yana cikin wayar da take aljihunka. Manhajojin da suke mayar da kwanan wata ba kalanda ɗaya suke bi ba. Da yawa suna bin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda ita ma lissafi ce, amma lissafin tafiyar watan gaske a samaniyar Makka. Tun daga 1423, ƙa'idarta ita ce, ranar 29 ga wata, idan an haifi wata kafin rana ta faɗi a Makka, kuma watan ya faɗi bayan rana, to gobe 1 ga wata, ko da ido ba zai iya ganinsa ba. Wannan yakan sa ta riga masu jiran gani da kwana ɗaya. Turkenmu na 1441 misali ne: lissafinmu ya ce 1 ga Satumba 2019, Ummul Ƙura ta ce 31 ga Agusta. Wasu manhajojin kuma jadawalin shekara 30 suke bi, amma shi ma iri-iri ne. Wasu suna ɗaukar 1 ga Muharram na shekarar farko a matsayin Juma'a, 16 ga Yuli 622, kamar yadda muka yi. Wasu suna ɗaukar Alhamis, 15 ga Yuli, wanda zai jawo kowace amsa baya da kwana ɗaya. Wasu kuma suna sa shekara ta 15 a matsayin kabisa maimakon ta 16. Shi ya sa za ka ga manhajojin lokutan salla da yawa sun bar wurin ƙara kwana ko rage kwana, domin ka daidaita su da sanarwar ƙasarku.

Dalili na huɗu kuwa kullum muna tare da shi, sai dai idan an zo cike takarda akan manta. Kwanan Musulunci da magariba yake farawa, na Miladiyya kuma da ƙarfe goma sha biyun dare. Idan Bahaushe ya ce daren Juma'a, daren da zai waye Juma'a yake nufi, wato daren da agogon ofis yake ɗauka a matsayin Alhamis. Mu koma kan mai haihuwar 27 ga Rajab. Idan takarda ta ce an haife shi daren Juma'a bayan isha'i, to a ƙidayar Musulunci 27 ga wata ta riga ta shiga, amma a Miladiyya har yanzu Alhamis ce, 29 ga Disamba. Idan kuwa gab da asuba ne, bayan sha biyun dare, to 30 ga Disamba ce. Kowane kwana ɗaya na Hijira yana kwance a kan kwana biyu na Miladiyya, 'yan awanni a na farko, sauran a na biyu.

Yadda za a raba gardamar shi ne ta ranar mako. Ƙasashe suna iya saɓawa a kan ko yau 29 ga wata ce ko 30, amma ba su saɓawa a kan cewa yau Juma'a ce. Saboda haka lissafi ya kai ka kusa, sannan ka nemi ranar makon da aka ambata a cikin kwana ɗaya ko biyu da suke gefen amsarka. Lissafi ya ce Juma'a 30 ga Disamba. Idan takarda ta ce Alhamis da hantsi, amsarka 29 ga Disamba ce, kuma ma'anarsa a garinku an ga watan Rajab kwana ɗaya kafin jadawali. Idan ta ce Asabar, 31 ga Disamba ce. Idan kuwa ta ce Litinin ko Talata, tazarar ta yi yawa, sai ka sake bin lissafinka, ko ka sake duba rubutun, wataƙila an karanta wata ko shekara ba daidai ba. Idan takarda ba ta faɗi ranar ba, sunan rana yana iya taimakawa. Wanda ake kira Ɗanjuma ko Jummai, Ɗanlami ko Lami, Ɗanladi ko Ladi, yana yawo da shaidar ranar haihuwarsa, muddin don ranar aka sa masa, ba sunan wani ya ci ba. Kuma a lura, a ƙarshen Disamba irin wannan, kwana ɗaya yana iya canza shekara ɗungurum: 28 ga Rajab 1415 a lissafi 31 ga Disamba 1994 ce, amma inda wata ya makara da kwana ɗaya, ta koma 1 ga Janairu 1995.

Masu nazarin tarihi ma da wannan hanya suke tantance tsofaffin rubuce-rubuce. An ruwaito cewa an haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta, ƙasar Gobir, ranar Lahadi, ƙarshen watan Safar 1168. A kalandar lissafi, shekarar 1168 ta fara ranar Juma'a, 18 ga Oktoba 1754. Muharram kwana 30, sai kwana 28 daga 1 zuwa 29 ga Safar, jimla 58. Taka 58 daga 18 ga Oktoba, ka sauka a 15 ga Disamba 1754. Raba 58 da 7, saura 2, kwana biyu bayan Juma'a kuma Lahadi ce. Lissafi da ruwaya sun haɗu, kuma 15 ga Disamba 1754 ɗin ce za ka tarar a littattafan tarihi. Mai aiki da ranakun da suka girmi Oktoban 1582 kuwa ya ƙara kula, domin a lokacin ne Paparoma Gregory na 13 ya gyara kalandar Miladiyya, aka tsallake daga 4 ga Oktoba zuwa 15. Ita kanta 16 ga Yuli 622 da muka ambata, da tsohuwar kalandar aka faɗe ta.

Idan babu ranar mako, babu sunan rana, babu dattijon da ya tuna, shawarata ita ce ka ɗauki amsar kalanda ɗaya, ka san wacce ce ka ɗauka, ka tsaya a kanta a duk takardunka, domin ranar haihuwa biyu a fasfo da katin ɗan ƙasa ta fi kuskuren kwana ɗaya jawo wahala. Masu sababbin haihuwa kuma, don Allah idan za a rubuta, a rubuta kwanan Hijira, da na Miladiyya, da ranar mako, da lokacin, kafin magariba ne ko bayanta.

Ga aikin gida kafin mu sake haɗuwa: 10 ga Muharram 1413, wace rana ce a Miladiyya, kuma wace ranar mako? Turken 1411 za a yi amfani da shi, kuma kada a manta da kabisar 1412. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.